Shiga Birnin Kano da Mota Ranar Juma'a: Inda Ya Dace a Ajiye Ta, da Inda Ƙafa Za Ta Karɓa

Duk wanda aka aika masa da katin ɗaurin aure, ya duba ya ga an rubuta cewa za a ɗaura bayan an sauko daga sallar Juma'a a Babban Masallacin Birnin Kano, to, ko ya sani ko bai sani ba, an ɗora masa wajibai biyu ne a lokaci guda: na farko halartar taron, wanda shi ne hakkin zumunci, na biyu kuma samun inda zai ajiye motarsa a cikin tsohon birni, wanda galibi shi ne yake hana mutane sauke na farkon. Sau da yawa akan ga dattijo ya taso tun daga Zariya ko Katsina, ya ci tafiyar awa biyu ko uku lafiya lau, amma ragowar kilomita guda da ke tsakanin ƙofar gari da masallaci ta cinye masa awa ɗaya cur, har a shafa fatiha a watse yana zaune a bayan sitiyari, yana hango hasumiya, ba shi da ikon gaba, ba shi da ikon baya. Wannan hasara ba rashin sa'a ba ce kamar yadda ake yawan faɗa. Tana da dalilai da ake iya lissafawa, tana kuma da magani, wanda jigonsa shi ne mutum ya yanke shawarar inda zai tsayar da motarsa tun kafin ya shiga ƙofa, ya kuma yarda a ransa cewa ƙarshen tafiyar rabon ƙafa ne.

Birnin da ba a gina shi don mota ba

Kafin a zargi direbobi da rashin haƙuri, ya kamata a fara yi wa birnin kansa adalci. Tarihi ya nuna an fara gina ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Unguwannin da suka kewaye fada da kasuwa, irin su Yakasai da Gwangwazo da Mandawari da Soron Ɗinki, an shata lungunansu ne gwargwadon buƙatar mai tafiya a ƙasa, da jaki mai mangala, da doki, da raƙumin fatake. Ma'abota fiƙihu sun san hadisin da ya zo a Buhari da Muslim, inda aka hukunta cewa idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata zira'i bakwai, wato abin da bai wuce mita uku da rabi ba a awon yau. Wannan faɗi ya wadaci dabba da kayanta, amma ƙaramar mota ta zamani faɗinta ya kusa mita biyu, saboda haka idan biyu suka yi kiciɓis a irin wannan lungu, dole ɗaya ta yi ribas, idan kuwa aka ajiye ɗaya a gefe, to, an rufe hanyar ga kowa sai mai babur.

Titunan da mota ke iya bi sosai a cikin birni ƙalilan ne, kuma kowannensu ta ƙofa yake shiga. Mai zuwa masallaci daga gabas ko kudu yana da zaɓi huɗu da aka fi sani: Ƙofar Mata, wadda titinta ya bi ta gaban Asibitin Murtala ya nufi masallaci, Ƙofar Nassarawa, wadda titinta ya miƙe zuwa fada da Gidan Makama, sai Sabuwar Ƙofa, wadda aka huda a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da maƙwabciyarta Ƙofar Ɗan Agundi, waɗanda su biyun ke kan titin BUK, suna kuma fitar da mutum ta kudancin fada. Shi masallacin, wanda aka sabunta gininsa a 1951, yana daura da fada ta wajen arewa. A wajen ganuwa hukuma ta yi ayyuka masu yawa a shekarun baya, ga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, ga ta Dangi, ga hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, kuma babu shakka sun sauƙaƙa tafiya. Sai dai gada aikinta ta kawo motoci bakin ƙofa da sauri, ba ta ƙara wa titin da ke bayan ƙofar ko taƙi ɗaya ba, don haka abin da a da yake isowa kaɗan-kaɗan, yanzu yakan iso a dunƙule. A kan wannan kuma a ƙara baburan A Daidaita Sahu, waɗanda suka yawaita ƙwarai tun bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, waɗanda kuma sana'arsu ta tilasta musu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Lissafin da ido ba ya yi

Mutum yana zaune a cikin motarsa yakan ga kamar ɗan wuri kaɗan yake nema, alhali kuwa idan aka sa ma'auni, mota tana cikin abubuwa mafiya cin fili da ɗan Adam ya mallaka. Tsawon ƙaramar mota kimanin mita huɗu da rabi ne, kuma idan za a jera ta a gefen titi, gaba da baya, sai an ba ta mita shida don ta iya shiga ta iya fita. Ma'anar wannan ita ce, gefen titi mai tsawon mita 100 ba ya ɗaukar fiye da mota 16, wannan ma idan babu ƙofar gida, babu kwana, babu teburin mai shayi ko rumfar mai faci a tsakani. Idan kuwa fili ne aka keɓe, to, masu tsara irin waɗannan wurare suna ƙiyasta wa kowace mota kimanin murabba'in mita 25, idan aka haɗa da hanyar da za ta bi ta fita, wanda ke nufin filin ƙwallo guda ba zai ɗauki mota 300 ba. A ƙaddara mota 1,000 kacal suka nufi masallaci a Juma'a ɗaya: suna buƙatar gefen titi mai tsawon kilomita shida, ko kuwa filin ƙwallo uku da rabi. Duk wanda ya san kewayen masallacin ya san babu wannan sarari, kuma ba wayo ko sanayya da za ta samar da shi.

Akwai lissafi na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, domin shi ne yake bayyana yadda gosulo ke tashi ba tare da an yi haɗari ba. Layin mota guda, idan komai na tafiya daidai, yana wucewa da mota ɗaya a kowane daƙiƙa biyu, wato 30 a minti. Titin da ke da layi biyu a hannu ɗaya yana iya ɗaukar 60. To, a ce motoci 45 ke shigowa a minti, titi na ɗaukarsu ba tare da wahala ba, sai wani ya tsaya a layi na biyu, a gefen waɗanda suka riga suka yi fakin, ya kunna fitilun gargaɗi ya ce yanzu zai dawo. Daga wannan lokaci 30 ne ke wucewa, 15 na taruwa a kowane minti, kuma kafin minti goma su cika, mota 150 sun jeru a bayansa, jerin da tsawonsa, a layi biyu, ya kusa rabin kilomita, ya toshe mahaɗar da ke baya, ita kuma ta toshe ta bayanta. Mutum guda ne ya haifar da wannan, kuma galibi idan ya dawo ya tayar da motarsa ba ya sanin abin da ya aikata, domin ɓarnar tana bayansa.

Wani ɓangare mai yawa na cunkoson kuma na masu kewaye ne, waɗanda sun riga sun iso, amma suna zagayawa a hankali suna leƙen gurbi. Wani malamin tsara birane na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Donald Shoup, ya yi wani littafi a 2005 a kan wannan mas'ala, inda ya nuna cewa masu neman wurin fakin kan zama kaso mai girma na motocin da ke kan titunan tsakiyar gari, ya kuma ba da shawarar a riƙa tsara al'amari ta yadda gefen titi ba zai cika fiye da kashi 85 cikin 100 ba, don mai zuwa ya riƙa tarar da gurbi ba sai ya kewaya ba. A ranar Juma'a a birnin Kano, gurbin da ke kusa da masallaci yakan cika tun da sauran lokaci, saboda haka wanda ya zo a makare yana kewaye, yana neman abin da babu ne, yana kuma ƙara wa kansa da waninsa wahala.

Misali: baƙo daga Zariya

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wani magidanci ne zai taso daga Zariya, tafiyar kimanin kilomita 150, tare da mahaifinsa tsoho da ƙannensa biyu, kuma katin ya nuna za a tayar da salla ƙarfe 2:00, a ɗaura aure da an sallame. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga tafiya daga gida zuwa Kano, a ce awa biyu da rabi ce, a tashi ƙarfe 11:30. Mai tadbiri kuwa daga ƙarshe yake farawa ya dawo baya. Yana so ya kasance zaune a cikin masallaci ƙarfe 1:15, kafin sahu ya fara malalowa waje. Sai ya cire minti 15 na tafiyar ƙasa, da minti 10 na alwala, da minti 10 na gyara fakin da yin magana da mai gadi, ya ga lallai ya kasance a bakin ƙofar gari ƙarfe 12:40. Daga Na'ibawa, ta Unguwa Uku da Dangi, zuwa bakin ganuwa, tafiya ce gajera idan hanya a buɗe take, amma ranar Juma'a da rana gara ya ware mata minti 40, domin akwai masallatan Juma'a da yawa a kan hanya, kowanne da nasa taron. Wannan ya kai shi Na'ibawa ƙarfe 12:00, ya kuma wajabta masa barin Zariya ƙarfe 9:30. Bambancin awa biyu ke nan tsakanin lissafin farko da na biyu, kuma a cikin waɗannan awa biyun ne ake samun ɗaurin aure ko a rasa shi.

Da ya iso, sai mas'alar zaɓen ƙofa. Ƙofar Mata ita ce ta fi miƙewa zuwa masallaci, kuma saboda haka ne kowa yake nufarta, ga asibiti, ga Kasuwar Rimi a kusa, ga masu fitowa daga wajen Kantin Kwari da Fagge. Wanda ya fito ta titin Zariya ba shi da hujjar kewayawa can. Ya fi masa sauƙi ya shiga ta Ƙofar Nassarawa, ko ya karkata ta titin BUK ya shiga ta Sabuwar Ƙofa, ya tsaya ta kudu ko gabas da fada, ya bar faɗin fadar ya zama tsakaninsa da cincirindon. Daga waɗannan wurare zuwa masallaci tafiya ce da ba ta wuce kwata zuwa sulusin awa ba. Lafiyayyen mutum yana cin kimanin mita 80 a minti, wanda ke sanye da babbar riga a cikin zafin rana kuma a ce 60 zuwa 70, saboda haka mita 800 ba ta wuce minti 12 ko 13 ba. Wannan mita 800 ɗin a cikin mota, bayan ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, tana iya cin ninki uku na wannan lokaci, sa'an nan a ƙarshenta ba a sami wurin tsayawa ba.

Sai batun tsoho, wanda shi ne uzurin da ya fi kowanne ƙarfi wajen kutsawa. Maganinsa shi ne a raba saukewa da ajiyewa. Tun da an iso da wuri, direba ya matsa gwargwadon inda hanya ta ba shi, ya sauke mahaifinsa tare da ɗaya daga cikin ƙannen, a kuma yi alkawarin takamaiman wurin da za a haɗu bayan salla, domin waya takan ƙi shiga ko a kasa jin ƙararta a cikin taro. Sa'an nan ya juya nan take ya koma inda ya riga ya zaɓa. Idan kuwa an makara har hanya ta fara cushewa, to, a ajiye motar a nesa, a tsayar da ɗan sahu ya ƙarasa da tsohon, domin shi yana bi ta inda mota ba ta bi, kuma abin da za a ba shi bai kai kuɗin man da za a ƙona a gosulo ba.

Alamomin da ke nuna lokacin tsayawa ya yi a bayyane suke ga mai lura. Idan ka ga masu tafiya a ƙasa, da dardumarsu a kafaɗa, sun fara wuce ka suna ɓacewa a gabanka, to, motar ta daina amfanarka. Idan ka ga 'yan sahu suna juyowa babu fasinja suna yi wa na baya nuni da hannu, ko ka ga motocin da ke gefe sun fara jeruwa biyu-biyu, ko ka hango 'yan agaji sun gitta benci ko igiya, to, gurbin kirki na farko da ka gani shi ne naka, kada ka wuce shi da fatan samun wanda ya fi kusa, domin a irin wannan titi ba a komawa baya.

Yadda ake gane gurbin kirki

Ba kowane sarari ne wurin fakin ba, kuma ƙa'ida ta farko ita ce, idan ka ga gurbi a buɗe a tsakiyar wurin da ko'ina ya cika, ka tambayi kanka abin da ya sa 'yan unguwa suka bar shi. Galibi za ka tarar ƙofar gida ce ko ta gareji, ko bakin lungun da 'yan garuwa da masu baro ke fitowa, ko ƙarƙashin taransifoma, ko kwalbatin da murfinsa ya karye, ko kuwa wuri ne da jami'an Karota ke ɗauke mota. Ita wannan hukuma, wadda aka kafa a 2012 don kula da zirga-zirga a titunan jihar, tana da ikon cin tara da sa janwe ya ja motar da ta tare hanya, kuma wanda aka ja tasa, ya yi asarar yininsa da kuɗin da ya ninka na mai gadi sau da yawa. Dutse ko tsohuwar taya ko benci da aka ajiye a gaban shago alama ce ta cewa mai wurin yana buƙatarsa, ladabi shi ne a sauko a yi sallama a nemi izini, kuma sau da yawa wanda aka girmama da tambaya yakan ɗauke bencin da hannunsa, har ya ce, «Bar ta nan, Alhaji, ina wurin har la'asar.» Wannan kalma ta fi kowane makulli tsare mota.

Bakin kwana da bakin mahaɗa a nisance su da tsawon mota biyu ko uku, domin mai juyawa yana buƙatar fili, kuma a nan ne ake goge bamba. Hanyar shiga asibiti kuwa haramun ce a wurin duk mai hankali, ko da babu jami'in da ke tsaye, saboda wanda ake kawowa cikin gaggawa ba ya jiran a sallame salla. Haka nan a kula da inda sahu ke kaiwa: motar da aka ajiye kusa da harabar masallaci takan wayi gari a tsakiyar masallata, ta yanke musu sahu, ita kuma ba ta motsi sai kowa ya naɗe tabarmarsa. Da damina, musamman a watan Agusta, a guji gangare da bakin kwata, domin ruwan awa guda yana iya cika lungun da ya bushe ƙarau da safe. Da bazara kuma, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, inuwar darbejiya abin nema ce, amma ko a inuwa ba a barin yaro ko mara lafiya a cikin rufaffiyar mota, ko da na minti kaɗan ne, domin zafin cikinta yana hawa da sauri ya wuce na waje nesa ba kusa ba.

Mafi girman hikima a wannan babi ita ce a yi fakin don fita, ba don shiga kaɗai ba. Mutane suna isowa a rarrabe cikin awa biyu, amma suna tashi gaba ɗaya cikin minti goma. Saboda haka a juya kan motar ya fuskanci hanyar komawa tun da sauran sarari, a shiga gurbi da ribas, a bar kamar kamu biyu tsakaninta da ta gaba, a zaɓi bakin fili kusa da mafita maimakon can ƙurya, inda mota uku za su zo su rufe. Idan filin makaranta ne ko harabar wata ma'aikata da ake barin mutane su ajiye, a tambayi mai gadi abu uku kafin a kashe inji: nawa ne, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kuma shin ana jera wasu a bayan waɗanda suka riga zuwa. A yi ciniki tun farko, a kuma gane fuskarsa, domin wanda ya karɓi kuɗi da isowarka ba lallai ne shi za ka tarar da dawowarka ba. Daga nan a ja birkin hannu, a naɗe madubai, a ɗaga gilasai, a sa jaka da duk abin da ke jan ido a cikin but tun kafin a iso wurin, a taɓa hannun ƙofa a tabbatar ta kullu. Yana da kyau a rubuta lambar waya a takarda a ajiye ta a jikin gilashin gaba ta ciki, don wanda aka tare ya sami mai kira. Baƙo kuma ya riƙe sunan unguwa da wata alama tabbatacciya, kamar masallacin layin ko shagon da ke kallon motar, ko ya sa alamar wurin a taswirar wayarsa, domin lungunan birni suna kama da juna ga wanda bai tashi a cikinsu ba.

Ita kanta motar tana da hakki a cikin gosulo. Tafiyar taku-taku da rana tsaka tana sa inji ya yi zafi, musamman idan ruwan lagireto ya yi ƙasa ko fankarsa ba ta aiki, don haka a duba ruwa tun a gida, a riƙa kallon allurar zafi, idan ta haura a kashe na'urar sanyi a nemi gefe, kuma kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Mai motar giya ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci yana riƙe mota da shi, ya mayar da ita firi ya taka birki. Motar da ta mutu a tsakiyar titin Ƙofar Mata ƙarfe ɗaya da rabi ta zama musiba ga ɗaruruwan mutane.

Hakkin hanya

Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa hanya tana da hakki, kuma daga cikin abin da hadisi ya lissafa akwai kame cuta daga masu wucewa. Sun kuma karantar da cewa gusar da abin cutarwa daga kan hanya reshe ne na imani. Idan ɗauke ƙaya ko dutse daga hanya yana da lada, to, mai hankali ya yi ƙiyasin matsayin wanda ya gitta ƙarfe mai nauyin fiye da tan guda a ƙofar gidan mutane, ya tafi neman lada a sahun gaba, alhali wata mai naƙuda ko wani mai jinya na iya buƙatar fita. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne tsoron rasa salla, amma shari'a ta riga ta amsa shi, domin an umarci mai zuwa salla ya zo da natsuwa, ya sallaci abin da ya riska ya cika abin da ya kuɓuce masa, an kuma kwaɗaitar da sammako ranar Juma'a, an yi bushara da lada a kan kowane taku zuwa masallaci. Wanda ya ajiye motarsa nesa ya taka, ya haɗa maslahar duniya da ta lahira a aiki guda.

Nauyin bai tsaya a kan direba kaɗai ba. Masu gayya, waɗanda suke kashe kuɗi wajen ƙawata kati, ba abin da zai rage su idan suka ƙara layi biyu a ƙasansa, suka faɗi ƙofar da baƙi za su shigo ta cikinta da wurin da aka nema musu izinin ajiye mota, suka kuma tsayar da samari biyu ko uku a can don nuna hanya. Dangi da abokai da suka fito daga gari ɗaya su haɗu a mota guda ko bas, domin mota huɗu da aka mayar ɗaya ta bar wa wasu mita 18 na gefen titi. Hukuma kuma, maimakon ta tsaya ga kamu bayan an yi laifi, tana iya yin yarjejeniya da makarantu da ma'aikatun da ke bakin ganuwa, waɗanda filayensu kan zama fayau da yammacin Juma'a da ranakun hutu, a buɗe su da kuɗi ƙayyadadde da rasit, a kafa alluna tun daga gada masu nuna inda suke, a kuma shata wa 'yan sahu matsaya a bakinsu don ɗaukar tsofaffi da masu rauni. Ba a buƙatar rushe gidan kowa kafin a yi wannan, kuma kowace mota da aka tsayar a wajen ganuwa ta rage wa titunan ciki nauyin da tun asali ba a gina su don ɗaukarsa ba.